Saƙon da Bappa Ya Gyara

Har yau idan mutum ya shigo shagona ya miƙo mini takarda ya ce in gyara masa ta yi kyau, sai gabana ya faɗi kafin hannuna ya kai gare ta. Shagon buga takardu ne nake da shi a Mubi, kwamfutoci tsofaffi, injin kwafi, da janareta mai taurin kai da sai an lallaɓa shi yake tashi. Gyaran maganar mutane shi ne abincina. Ɗalibi ya zo da takardar neman aiki, gwauruwa ta zo da ta haƙƙin mijinta, ni ce zan sa wa maganarsu riga in tura ta ofis. Ban raina aikin ba. Amma akwai saƙo ɗaya da aka gyara a gabana, ba ma ni na gyara shi ba, kuma shi ne ya hana ni sakewa har yanzu.

Mu biyu ne wurin Baba, ni da ƙanena, wanda kowa ke kira Auta. Mamarmu ta rasu muna ƙanana. Baba manomi ne a wani ƙauye a gindin duwatsu ta hanyar Maiha, mutum mai ƙarancin magana da yawan zuciya, kuma tun Auta yana goye ya yi wa Allah alkawari cewa yaron nan zai yi aikin ikilisiya. Ya tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki. Auta ya yi abin da ya yi a can, ya ga ba hanyarsa ba ce, ya dawo ya ce shi walda yake so. Rigimar da aka yi a gidanmu ranar, ko maƙiyina ba na yi masa fatanta. Auta ya gaya wa Baba magana mai zafi a gaban mutane. Aka kai ƙara wurin dattawan ikilisiya, suka zaunar da shi a tsakiyarsu, suka ce zai durƙusa ya roƙi gafara a gaban jama'a ranar Lahadi, sannan ya koma bencin baya na masu horo. Ya ƙi. Ya ɗauki jakarsa ya tafi Fatakwal, Baba kuma ya ce a gaban kowa shi ba shi da ɗa namiji.

Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Ni ce a tsakiya, kuma ba zan ɓoye ba, na sha ƙara gishiri a ɓangarorin biyu. In je ƙauye in ce wa Baba Auta yana gaishe shi. In kira Auta in ce Baba ya tambayi lafiyarsa. Dukansu sun san halina, kowa sai ya bar ni da bakina. Ɗakin Auta da ke bayan rumbu kuwa, rufin ciyawarsa ya ruɓe ya rufta, awaki suka mai da shi wurin kwana, Baba ko kallon wajen ba ya yi.

Wata damina, shuka ta fara kai gwiwa, sai Baba ya shigo gari ba sanarwa. Bai sauka wurina ba, ya wuce Lamorde gidan Bappa, ƙanensa, aka aiko a kira ni. Na rufe shago na hau keke na tafi ina ta saƙe-saƙe, don Baba ba ya barin gona a irin wannan lokaci sai da dalili. Na same shi zaune kan tabarma a barandar Bappa, ya cire takalmansa, ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi. Na tambaya, ya ce tafiya ce. Sai ya dubi Bappa ya ce yana so a rubuta wa yaron nan.

Sai na ɗan yi bayanin Bappa, don kada a ɗauka mugu ne. Ya yi aikin akawu a ƙaramar hukuma har ya yi ritaya, ya kuma daɗe yana sakataren ikilisiya. Alƙalaminsa ya yi wa danginmu rana. Lokacin da wani ya so ya ci mana iyakar gona ta bakin mayo, wato rafin ƙauyenmu, takardar da Bappa ya rubuta wa hakimi ce ta tsayar da maganar. Ta yi tsaf, kowane abu a wurinsa, babu zagi babu kuka, hakimi ya karanta ya san da masu hankali yake magana. Ni kaina a wurinsa na fara koyon yadda ake buɗe takarda da yadda ake rufe ta. Matsalarsa ɗaya ce: duk abin da ya taɓa takarda, a wurinsa ya zama maganar ofis. Ko gayyatar suna ce, sai ka rantse daga kotu ta fito.

Baba ya faɗi abin da yake so a rubuta, da Hausarsa ta gona wadda ba ta damu da namiji ko mace ba, yana kallon ƙafafunsa.

"Ka ce masa ya zo gida. Maganan nan ya ƙare, ni ba na fushi. Jikina ba daɗi. Ina so in gan shi."

Ban taɓa jin Baba ya sauko haka ba, ko ga Mama. Nan take na ciro wayata na ce, Baba, maimaita a nan, in tura masa muryarka ya ji da kunnensa. Ya kaɗa kai. Kunnensa ya riga ya yi nauyi, waya ba ta yi masa daɗi, kuma na lura muryarsa tana rawa, ba ya so ɗansa ya ji shi a haka. Amma dalilin da ya bayar wani ne daban. Ya ce yaron ya girma, yana da masu aiki a ƙarƙashinsa, ba a aika masa magana kamar ana kiran ɗan aike. A rubuta masa irin yadda ake rubuta wa manyan mutane, ya san an ɗauke shi mutum. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai idan na tuna. Baba girmamawa ya nufa.

Matar Bappa ta kira ni madafa in taya ta sauke tukunya, na tashi. Ina jin muryar Baba daga can yana ci gaba da yi wa Bappa magana ƙasa-ƙasa, ban ji me yake cewa ba, ban kuma ɗauka akwai abin da ya rage ba. Da na dawo da kwanukan abinci, Bappa ya sa tabarau, ya cika shafi guda ya juya baya. Ya gyara murya ya karanta mana. Ina da saƙon a wayata har yanzu, ga yadda ya fara bayan doguwar gaisuwa:

"Bisa umarnin mahaifinka, kuma a madadin iyali baki ɗaya, an ɗora mini alhakin sanar da kai cewa, bayan dogon nazari a kan saɓanin da ya auku a shekarun baya, wanda kai kanka ka san musabbabinsa, an ga dacewar a kawo ƙarshen al'amarin ta hanyar da ta kamata. Saboda haka ana buƙatar ka bayyana a gida a lokacin da ya fi dacewa da kai, musamman bisa la'akari da yanayin da shekaru kan zo da shi."

Daga nan ya shiga nasiha a kan haƙƙin iyaye, da ayoyi, da tarihin yadda dangi suka yi haƙuri. A ƙarshe ya sa hannu a matsayin wakilin iyali, sannan a ƙasa ya rubuta abin da ya saba rubutawa a ƙarshen kowace takarda tun yana ofis: kwafi zuwa ga fasto, dattawan ikilisiya, da babban dangi.

Kai! Na ajiye kwanon da ƙarfi har miya ta fantsama. Na ce Bappa, ina "ba na fushi"? Ya ce yana ciki, ai shi ne kawo ƙarshen al'amarin. Na ce ina "jikina ba daɗi"? Ya nuna mini yanayin da shekaru kan zo da shi, ya ce ba a tallar ciwon dattijo a takarda. Na ce to "ina so in gan shi" fa? Ya ce ai an ce ya bayyana. Na ce wa ya ga dacewar, wa ke buƙata, Baba ne ko kwamiti? A duk shafin nan babu wurin da Baba ya ce "ni". Kuma dattawa me ya kawo su cikin maganar uba da ɗansa? Bappa ya sauke tabarau ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambaye ni ko ni na koya masa rubutu. Ya ce dattawa su suka yanke horo, dole a sanar da su, haka tsari yake.

Na juya wurin Baba. Shi kuwa fuskarsa ta saki. Rabin kalmomin bai ji su ba, rabin da ya ji bai san su ba, amma ya ji amonsu, irin na sanarwar rediyo, kuma amon ya yi masa. Ya ce in bar shi, maganar ta yi nauyi, haka yake so. A gidanmu idan uba da ƙanensa sun gama magana, 'ya mace ba ta da ta cewa. Bappa ya buga saƙon a wayarsa da yatsa ɗaya, a hankali, ya tura wa Auta, ya tura wa sauran. Baba ya koma ƙauye washegari yana cewa ciyawa ta ci gyaɗarsa.

Da yamma na kira Auta. Tun daga gaisuwa na san ya karanta. Na ce masa ya manta da takardar, ya saurare ni, ga abin da Baba ya faɗa da bakinsa, na jero masa kalma-kalma. Ya yi wata dariya marar daɗi, ya kira ni Adda, yadda ake kiran yaya mace a wajenmu.

"Adda, na san ki. Shekara nawa kina cewa yana gaishe ni? Ga abu a rubuce, har da kwafi. Sammaci ne suka aiko mini."

Na rantse masa da abin da ban saba rantsewa da shi ba. Ya ce in da gaske Baba ya ce ba ya fushi, me ya hana a rubuta haka, ai bai fi layi ɗaya ba. Ya ce "wanda kai kanka ka san musabbabinsa" ya karanta shi har ya haddace, wato har yanzu shi ne mai laifi. Ya ce "hanyar da ta kamata" ya san ta, durƙuso ne ranar Lahadi. Abin da ya ƙarasa ɓata komai, ɗaya daga cikin dattawan da aka tura wa kwafi ya riga ni kiransa, da kyakkyawar niyya, ya ce masa ya shirya zuciyarsa, in ya zo ya ƙasƙantar da kansa komai zai wuce. Shi ma dattijon abin da ya fahimta daga takardar ke nan. Na ce to ciwon fa, na ga ƙafafun Baba da idona. Ya ce takarda ta ce shekaru ne, kuma ta ce ya zo lokacin da ya dace da shi. Wanda yake kwance ba ya rubuta haka. Gaskiyarsa ce. Ni ma a lokacin ban san ciwon ya kai inda ya kai ba.

Sai Auta ya ba da amsa, kuma ya ba da ita da irin yaren da aka yi masa. Makarantar da ya bari ta koya masa rubutu sarai. Ya rubuta wa Bappa cewa ya samu saƙon iyali kuma ya fahimci abin da ya ƙunsa, yana godiya da kulawa, amma sakamakon yanayin aiki ba zai samu damar amsa gayyatar a halin yanzu ba, zai sanar idan hali ya yi. Ya sa cikakken sunansa a ƙasa, kamar ba a gaban Bappa aka raɗa masa shi ba. Daga baya ya gaya mini yana kuka ya rubuta shi. Amma kuka ba ya fitowa a irin wannan rubutu, shi ya sa ma mai jin ciwo yake fakewa a cikinsa.

Ranar kasuwa Baba ya sake shigowa gari don ya ji amsa. Ina wurin, Bappa ya karanta masa, da ƙarfi saboda kunnen. Baba ya sa aka maimaita. Wannan karon amon bai yi masa daɗi ba. Ya daɗe yana murza gemunsa, sannan ya tambaya ko yaron ya ce "Baba" a wani wuri. Bappa ya duba sama da ƙasa ya ce a'a. Baba ya jawo takalmansa, waɗanda ya yanke musu baya don ƙafar ta shiga, ya ce shi ke nan, ya kira, an ce masa ana aiki.

Na bi shi har tasha ina roƙo. Na ce Baba, saƙonka bai isa ba, wani abu ne daban ya isa, ka faɗa a waya sau ɗaya tak. Ya ce uba ba ya kiran ɗa sau biyu. Na yi fushi na ce da shi da ɗansa duk kansu ɗaya, dutse. Ya shiga mota da ƙyar, yaran mota suka tura masa ƙafa ciki, ya zauna yana kallon gaba.

Damina ta yi nisa, hanyar ƙauyenmu ta lalace kamar kullum, mayo ya cika, ban samu zuwa ba. Ina aika magani da gaisuwa ta hannun masu zuwa kasuwa, suna dawo mini da cewa yana nan yana fama, har ma an gan shi yana ta hidima a gida. Na kira Auta sau da yawa, muka yi faɗa, muka shirya, muka sake yi. Bappa kuma ya ce zai rubuta ta biyu mai ƙarin bayani. Na ce in ya rubuta, ni da shi har abada. Shi ne karo na farko da na ɗaga wa Bappa murya a gaban matarsa, kuma ban ba shi haƙuri ba.

Gab da cirar gyaɗa maƙwabta suka kawo Baba asibiti a Mubi, numfashi yana yi masa wuya, kumburin ya hau har ciki. Likita ya ja ni gefe ya yi mini bayanin zuciya da ruwa, na gane abin da bai faɗa ba. Na kai waya bakin Baba na ce ya yi wa Auta magana. A lokacin ya yarda, na ga ya yarda a idonsa, amma abin da ya fito numfashi ne kawai da wani sauti da ba kalma ba. Ina da wannan ma a wayata. Ban taɓa tura wa kowa ba.

Na fita baranda na rubuta wa Auta: Baba yana asibiti, ba shi da kyau, ka taso yau. Ban gaishe shi ba ma. Kafin in mai da wayar jaka ya kira, ina jin ƙarar ƙarfe ana jefarwa a bayansa, ya ce ga shi nan. Haka kawai. Mutumin da shafi biyu ba su motsa shi ba, layi ɗaya ya tashe shi daga wurin aiki ko wanka bai yi ba. Amma Fatakwal ba nan kusa ba ce. Yana hanya, ya wuce Yola, da hantsi, Baba ya cika. Na riƙe labarin har motarsu ta shigo gari, don ban ga amfanin ya ji shi a kujerar mota tsakanin baƙi ba.

A ƙauye muka binne shi, kusa da Mama. Mutane sun cika gida, mata suna ta waƙoƙi, dattawan nan suna zaune a jere a ƙarƙashin mangwaro. Auta ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ta da tsohuwar magana. Ya rame, ya yi gemu, tafiyarsa sak ta Baba, har wata tsohuwa ta gan shi daga baya ta saki ƙwarya. Bayan an dawo daga kabari ya ce zai zaga bayan gida ya wanke fuska. Ya daɗe bai dawo ba, sai na bi shi.

Na same shi tsaye bayan rumbu. Ni ma na tsaya. Ɗakinsa, wanda na bari a rufte awaki na kwana ciki, an ta da bangonsa, an yi masa yaɓe, an rufa shi da sabon kwano yana ƙyalli. An sa ƙofar katako da sakata. Ɗakin Baba kansa yana nan da tsohuwar ciyawarsa da ta yi baƙi. Auta ya tura ƙofar. A ciki akwai gadon ƙarfe da sabuwar tabarma a naɗe, ƙasa a share, sai 'yar ƙurar kwanakin da Baba ya yi a asibiti. Matar maƙwabcinmu, wadda take dafa wa Baba abinci, ta leƙo ta ce ai tun kafin ruwan farko Baba ya fara aikin, shi da kansa yake miƙa wa kafinta kwano da wannan ƙafar tasa, an hana shi ya ƙi. Ta ce ko bayan ya dawo daga gari ya daina maganar yaron, kullum da safe sai ya share ɗakin.

Bappa ya biyo mu yana dogara sanda. Auta bai juyo ba, ya tambaya cikin iska me ya sa babu wanda ya gaya masa. Na ce ban sani ba, Allah shi ne shaidata, rabona da gidan tun rani. Sai na ji Bappa ya yi gyaran murya irin wadda yake yi kafin ya karanta takarda, amma muryar da ta fito ƙarama ce.

"Ya faɗa, ɗana. Ranar nan, bayan yayarka ta shiga madafa. Ya ce in gaya maka ya rufa ɗakinka da kwano, ba ya yoyo, ka zo ko da damina ce." Ya dubi ƙofar ɗakin. "Na ga ba maganar takarda ba ce, sai na cire."

Na zaci Auta zai yi ihu, ko ya kama shi. Ni kaina na buɗe baki, ina da maganganu cike da ciki da na tara wata da watanni, amma na dubi Bappa na ga tsoho ne kawai da ya binne yayansa ɗazu, sai na rufe. Auta ya ce, a hankali, da wannan kaɗai aka turo masa da ya zo a satin. Duk mun san gaskiya ne. Wa zai yi wa ɗansa sammaci ya kuma gaya masa ɗaki ba ya yoyo?

Bappa bai sake rubuta wa kowa takarda ba. Ya ajiye sakatarcin ikilisiya ya ce idonsa ne. Idan na je Lamorde gaishe shi, sai mu yi hirar farashin masara da ciwon gwiwa, can sai ya ce, "Layi ɗaya ne fa, 'yata." Ni kuma in ce ya wuce, Bappa. Bai wuce masa ba, ni ma bai wuce mini ba.

A shago yanzu ina da tambayoyin da nake yi kafin in taɓa maganar mutum, har wasu suna cewa na cika bincike. Wa zai karanta? Ya san ka, ko bai san ka ba? In ya gama karantawa me kake so ya tashi ya yi? In ofis ne, inda ba a san fuskarka ba, ina sa wa takarda rigarta cikakkiya, don a can tsari shi ne gaisuwa. Amma ko a can abin da ake nema yana fitowa tun layin farko, da sunansa. In kuwa uwa ce, ko miji, ko abokin da aka ɓata da shi, sai in gyara rubutun kawai in bar maganar yadda ta fito. Yanzu ma waya tana yi wa mutane gyaran da kanta, yara su shigo suna nuna mini yadda ta mai da musu layi biyu shafi guda, suna murna. Sai in ce su karanta mini da ƙarfi, sannan in tambaya ko haka za su faɗa in mutumin yana zaune a gabansu. Yawanci dariya suke yi. Kuma idan na ga wani ɗan abu a cikin magana wanda kamar bai da wurin zama, akuyar da ta haihu, ko bishiyar da ta fara 'ya'ya, hannuna ba ya iya goge shi. Nakan tambayi mai shi me ya sa ya faɗa, sau da yawa sai in tarar saboda shi aka zo.

Auta ya yi sati a gida kafin ya koma, a ɗakin ya sauka. Kwana biyu bayan jana'iza, da la'asar, hadari ya taso daga kan duwatsu, ruwan ƙarshen damina mai iska. Muka kwashe tabarmin zaman makoki a guje. Ɗakin Baba ya fara zuba ta ko'ina, muna ta tara kwanuka da bokitai, sai na tuna ban ga Auta ba. Na yafa zane na ruga bayan rumbu na tura ƙofa. Yana zaune a bakin gado, ya ɗaga kai yana kallon rufin, ruwa yana dukan kwano da ƙarar da ko na yi magana ba zai ji ba. Yana bin layin ƙusoshin da ido, ɗaya bayan ɗaya, daga wannan bango zuwa wancan. Na zauna kusa da shi muka yi ta kallo tare har ruwan ya ɗauke. Ko ɗigo ɗaya bai sauko ba.